Ba kullum "zafi" ne ke fesowa a baki ba

An daɗe ana cewa ciwon maƙogwaro da ƙurajen baki da jinin dasashi zafi ne ya taso daga ciki, a kuskure baki da ruwan gishiri a jira. Ga mai ƙoshin lafiya, ƙurjin baki kan warke da kansa cikin mako biyu, shi ya sa maganar ta zauna. Ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni kuwa, jiran yana da haɗari.

Ɗauki mai karɓar maganin ciwon daji ta jijiya. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an saka masa maganin, fararen ƙwayoyin jininsa masu yaƙi da cuta kan yi ƙasa sosai, sai baki da maƙogwaro su ɗaye. Ƙwayoyin da ke tsayar da jini ma suna iya raguwa, asuwaki kaɗan ya fito da jini.

Fara da ma'aunin zafin jiki, kafin a sha farasitamol, domin yana ɓoye zazzaɓi. Idan ya kai digiri 38, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Haska bakin da tocila: farin abu kamar kindirmo, wanda in an goge yake barin ja, yawanci cutar fangas ce. Duba ƙafafu, ko akwai jajayen ɗigo da ba sa ɓacewa in an danna.

A asibiti, gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini ne zai raba gardama. A tafi da kwalayen duk magungunan da ake sha, kuma a guji asfirin, yana ƙara zubar jini.

Don Allah ku tura wa masu jinya wannan bayani.