Share kobo daga jerin farashi ba tare da jimilla ta canza ba

Share kobo daga jerin farashi na nufin mayar da kowane farashi cikakkiyar naira, ta yadda idan aka sake tarawa jimillar za ta fito yadda take tun farko. Buƙatar hakan kan taso wajen rubuta rasit, musamman bayan an raba ragi ko harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari a kan kayayyaki da dama.

Ƙa'idar da aka saba da ita a makaranta ita ce kobo 50 zuwa sama a cike shi naira, abin da bai kai ba a yar. Tana aiki a kan farashi guda, amma a jeri takan ɓata lissafi. A ce wani ɗan kasuwa a Singa, cikin birnin Kano, ya rubuta wa mai shago sukari ₦1,250.40, madara ₦830.45, sabulu ₦415.35, ganyen shayi ₦603.80. Jimilla ₦3,100 cif. Idan ya bi waccan ƙa'ida zai samu 1,250 da 830 da 415 da 604, wato ₦3,099. Naira ɗaya ta salwanta, domin sau uku aka yar, sau ɗaya kacal aka cike.

Maganin da aka fi amfani da shi ana kiransa hanyar ragowa mafi girma. Da farko a cire kobon kowane farashi a ajiye gefe, sai a samu 1,250 da 830 da 415 da 603, waɗanda suka tashi ₦3,098. Saura naira 2 ke nan a cike 3,100. Sai a duba masu kobo mafi yawa a ba su naira ɗai-ɗai: shayi mai kobo 80 ya koma 604, madara mai kobo 45 ta koma 831. Ga shi madarar ba ta kai rabin naira ba amma aka ɗaga ta, kuma nan ne masu duba rasit kan zaci an yi kuskure. Ba kuskure ba ne, kuma babu farashin da ke gusawa da cikakkiyar naira daga asalinsa. Alexander Hamilton ya gabatar da wannan hanya a 1792 don raba kujerun majalisar wakilan Amurka tsakanin jihohi, shi ya sa ake kiranta da sunansa.

Sharaɗinta shi ne jimillar kanta ta kasance ba kobo; in akwai, ita ake fara daidaitawa. Inda ta fi ba da ciwon kai kuwa shi ne kunnen doki. Idan aka raba ₦100 a kan kaya uku iri ɗaya, dole ɗaya ya zama 34, biyun 33, alhali babu abin da ya bambanta su. Saboda haka ake tsayar da doka tun farko, misali na saman jeri shi ke ɗauka, don kada rasit ɗaya ya fito iri biyu.

Da yake canjin naira ɗaya ya daina yawo a kasuwa, ana iya ɗaukar ₦50 a matsayin ma'auni, muddin jimillar kanta ta rabu hamsin-hamsin cif: a sauke kowane farashi zuwa hamsin ɗin da ke ƙasa da shi, sannan a raba hamsin-hamsin ɗin da suka rage ga masu ragowa mafi yawa.