Ka sayar da ginin kamfaninka, ka koma ɗan haya a cikinsa: riba ko asara?

Ina da injin casar shinkafa a Sharada. Wani ya ce in sayar masa da ginin in ci gaba da zama a matsayin ɗan haya. Me zan samu?

Tsabar kuɗi a hannu, ba tare da ka kwance ko ƙusa ɗaya ba. Mu ɗauka ginin da filinsa sun kai naira miliyan 400. Ranar da aka yi ciniki, a ranar kuke sa hannu a yarjejeniyar haya ta shekara 10, a kan miliyan 40 duk shekara. Idan banki ka kai wa takardun jingina, ba zai ba ka cikakkiyar darajar ginin ba. Mai saye kuwa duka zai biya.

Amma ba duka ne ke shiga aljihunka ba. Akwai la'adar dillali, kuɗin lauya, harajin ribar sayar da kadara, ga neman amincewar gwamna da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta kafin fili ya canza hannu. A ce kasonka a ciki ya ci miliyan 30. Saura 370.

To ta yaya zan gane ko cinikin ya biya?

Ka auna abin da kuɗin za su haifa da hayar da ka ɗora wa kanka. Idan banki na bin ka miliyan 150 da ruwan kashi 28 cikin ɗari, miliyan 42 ke nan duk shekara. Ka biya bashin, ruwan da ka huta da shi kaɗai ya rufe hayar bana, ga miliyan 220 na sayen shanshera lokacin kaka tana araha. Wannan lissafin yana da daɗi.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne sakin layin ƙarin haya. Idan an rubuta ƙarin kashi 15 duk bayan shekara biyu, miliyan 40 za ta zama 46, sannan kusan 53, har ta kai 70 a shekaru biyun ƙarshe. Jimilla kusan miliyan 540 za ka biya, ginin kuma na wani ne. Duk tashin da farashin fili ya yi a Sharada cikin waɗannan shekarun, shi zai kwasa. A ƙasar da naira ke zubewa, ni wannan ne asarar da na fi jin zafinta, don ba ta fitowa a kowane rasit. Kuma haya ba ta san shekarar da shinkafar waje ta karya kasuwa ba.

Gidajen cin abinci na Red Lobster a Amurka misali ne: a 2014 aka sayar da gine-ginensu a kan dala biliyan 1.5 suka koma haya, a 2024 kamfanin ya shigar da takardun karyewa. Dalilan suna da yawa, amma nauyin haya na ciki.

An ce bashin zai ɓace daga littafin kamfani. Haka ne?

Da can kusan haka ne. Tun 1 ga Janairun 2019 da ƙa'idar lissafin kuɗi ta ƙasa da ƙasa mai suna IFRS 16 ta fara aiki, kamfanin da ke binta dole ya rubuta hayar da zai biya nan gaba a matsayin bashi. A ce darajar hayar shekara 10 ɗin a kuɗin yau miliyan 240 ce, wato kashi 60 na farashin ginin. Idan a littafinka ginin miliyan 100 yake, ribar cinikin 300 ce, amma 120 kawai za ka rubuta, domin kashi 40 na amfanin ginin ne ya bar hannunka da gaske. Ka cire bashin banki na 150, ka shigar da bashin haya na 240. Duk bankin da ka je wa daga baya zai gan shi, kuma yanzu ba ka da takardar filin da za ka ajiye masa.

In sa sharaɗin cewa zan iya sake sayen ginin?

Da ka sa shi, a idon akanta galibi ba a yi ciniki ba. Ginin zai zauna a littafinka, miliyan 400 ɗin kuma su zama rance. Malamai ma suna da magana a kan cinikin da ke ɓoye bashi mai ruwa, don haka ka tambaya kafin ka sa hannu.

Sharuɗɗan da suka fi kare ka su ne damar sabunta haya a kan farashin da aka fayyace yadda za a lissafa shi, da fifiko gare ka idan mai ginin zai sayar wa wani, da bayyana wa ke gyaran rufi da taransifoma. Injin casa ba kayan shago ba ne da za a kwashe a kwana biyu, kuma mai ginin ya san haka ranar da shekara ta 10 ta cika kuka zauna cinikin sabuwar haya.