Shekarar kabisa: ba duk bayan shekara huɗu ba ne

Duk lokacin da watan Fabrairu ya yi kwana 29, kamar yadda ya yi a 2024, sai a cika gidajen rediyo da zancen "shekara mai tsalle". Ina cikin mota na ji wani mai gabatar da shiri yana cewa wannan rana tana zuwa duk bayan shekara huɗu, babu fashi, haka aka taso aka tarar kuma haka za a ci gaba. Wannan "babu fashi" ita ce ta dame ni, domin akwai fashi, kuma a wajen fashin nan hikimar lissafin take.

Sunan ma da sauran magana. Tsallen da ake faɗa fassara ce daga Turanci, kuma ba shekarar ce ke tsalle ba, ranar mako ce. Shekara mai kwana 365 mako 52 ce da kwana ɗaya, shi ya sa kowace ranar wata take matsawa gaba da rana ɗaya duk shekara. Ranar 1 ga Oktoba ta faɗo Asabar a 2022, ta faɗo Lahadi a 2023, amma a 2024 sai ta tsallake Litinin ta sauka a Talata, saboda kwanan da aka ƙara a Fabrairu. Ni na fi son sunan da malaman hisabi suke amfani da shi, wato kabisa, daga kalmar Larabci mai ma'anar cusawa ko dannawa. Abin da ake yi ke nan: ana cusa kwana ɗaya cikin shekara. Kalandar Hijira ta lissafi ma tana da tata kabisar, shekara 11 cikin kowace 30, inda Zulhajji yake yin kwana 30 maimakon 29, sai dai ita da tafiyar wata take daidaita kanta, ba ruwanta da rana.

Tushen matsalar shi ne duniya ba ta kammala zagayen rana a cikin cikakkun kwanaki. Daga yanayi zuwa dawowar irinsa ana ɗaukar kwana 365 da awa 5 da minti 48 da kimanin daƙiƙa 46. Kalanda kuwa ba ta san guntun kwana ba. Idan aka yi watsi da guntun nan, cikin shekara 100 kalanda za ta riga yanayi da kusan kwana 24, kuma kafin a yi shekara 400 manomin da ya saba ganin ruwan shuka a watan Yuni zai koma jiransa a Satumba, alhali damina ba ta sauya komai ba.

Shugaban Rum Yuliyas Kaisar ne ya kawo gyaran farko, wanda ya fara aiki a shekara ta 45 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An ɗauki guntun a matsayin awa 6 cif, aka ce a tara shi shekara huɗu ya zama kwana guda. Wannan ita ce ƙa'idar da mai shirin rediyon ya sani, kuma ta yi aiki fiye da shekara 1,600 kafin a taɓa ta.

To amma guntun bai kai awa 6 ba, saura minti 11 da daƙiƙa 14. A ɗauke shi kamar asusu. A shekara huɗu abin da ya taru awa 23 ne da minti 15, mu kuma sai mu cire awa 24 mu yi 29 ga Fabrairu da ita. Kowace kabisa ke nan mun ci bashin kusan minti 45. Wa zai damu da minti 45 a shekara huɗu? Sai dai da yayyafi kogi kan cika: bashin yana kai kwana guda a cikin kimanin shekara 128.

Cocin Rum ne ya fara jin zafin abin, saboda lissafin bikin Ista ya rataya ne a kan ranar da dare da yini suke daidaita a watan Maris, wadda aka tsayar a 21 ga wata tun zamanin taron manyan malaman Kirista da aka yi a garin Nikiya a shekarar 325. Zuwa ƙarni na 16 daidaituwar ta zame ta koma wajen 11 ga Maris. Saboda haka a 1582 Fafaroma Giregori na 13 ya ba da umarni a biya tsohon bashin gaba ɗaya: mutanen Rum suka kwanta ranar Alhamis 4 ga Oktoba, suka wayi gari Juma'a 15 ga Oktoba. Birtaniya ba ta bi ba sai 1752, lokacin bashin ya kai kwana 11, Rasha kuwa sai 1918, ta cire kwana 13.

Biyan tsohon bashi bai hana cin sabo ba, don haka aka gyara ƙa'idar kanta, kuma nan ne nake so mai karatu ya bi ni a hankali. A shekara 100 akwai kabisa 25. Minti 45 sau 25 ya kama awa 18 da ɗoriya, ya kusa kwana. Sai aka ce duk shekarar da ta cika ɗari, a hana ta kwanan ƙari. Amma hana cikakken kwana don biyan awa 18 da minti 43 biya ne da ya wuce bashi da awa biyar da 'yan mintoci. Wannan rarar, idan ta taru sau huɗu, ta haura awa 21, ita ma ta kusa kwana. Shi ya sa a cikar shekara 400 ake mayar da kwanan. Sakamakon shi ne kabisa 97 a kowace shekara 400, ba 100 ba. Ragowar kuskuren bai kai rabin minti a shekara ba, sai an haura shekara 3,000 kafin ya zama kwana.

Wanda yake son gwada kowace shekara da ka, ga hanya mai sauƙi. Dubi lambobi biyu na ƙarshe. In huɗu ta raba su ba saura, kabisa ce: 2028 tana da 28, ta shiga, 2026 tana da 26, ba ta shiga ba. In kuwa sifiri biyu ne a ƙarshe, sai ka koma kan lambobi biyu na farko ka yi musu wannan gwajin. Shekarar 1900 tana da 19, huɗu ba ta raba ta, don haka Fabrairunta kwana 28 ya yi. Shekarar 2000 tana da 20, ta sami kwananta.

A ganina shekarar 2000 ce ta ƙara dasa kuskuren a zukatan mutane. Da a ce cikar ɗarin da muka shaida irin ta 1900 ce, da kowa ya ga fashin da idonsa. Sai ya zamana ta faɗo a kan wadda ake mayar wa kwana, irin da ba a yi ba tun 1600. Tun daga 1904 kabisa take zuwa duk shekara huɗu ba yankewa, kuma haka za ta ci gaba har 2096. Kuskuren ma ba a rediyo ya tsaya ba: manhajar Excel tana karɓar 29 ga Fabrairu 1900 a matsayin kwanan wata, ranar da ba a taɓa yin ta ba.

Fashi na gaba yana 2100, kuma cikin yaran da ake haifa yanzu akwai waɗanda za su gan shi in Allah ya ba su tsawon rai. A shekarar nan Lahadi 28 ga Fabrairu za ta wuce kai tsaye zuwa Litinin 1 ga Maris. Jaririn da aka haifa ranar 29 ga Fabrairu 2096 ba zai ga ranar haihuwarsa a kalanda ba sai 2104, yana ɗan shekara takwas.