Waiwaye: Mawaƙin da ke tsoron taro da tsohon bawan da ya gano ciwonsa

Akwai wani mawaƙi da masanin falsafa Efiktetus ya kafa wa ɗalibansa misali da shi kusan shekara 1,900 da suka wuce. Idan yana ɗaki shi kaɗai, murya garau, yatsu suna bin tsirkiyar abin kiɗansa ba gargada. Da ya hau dandali sai gabansa ya kama faɗuwa. Efiktetus ya ce dalili ɗaya ne: mutumin nan ba iya waƙa kawai yake so ba, yana kuma so a yaba masa, yabon kuwa ba a hannunsa yake ba. Daga nan ya fitar da ma'aunin da yake gwada duk mai fargaba da shi: me wannan mutum yake so wanda ba shi da iko a kansa?

Makarantar da wannan tunani ya fito daga cikinta ta girmi Efiktetus da fiye da ƙarni uku. Zeno, mutumin Kitiyon a tsibirin Saifurus, ya fara koyarwa a birnin Atina wajen shekara 300 kafin Miladiyya, a wata rumfa mai ginshiƙai da ake kira Stowa, sunan rumfar ya bi almajiransa. Amma wanda ya mai da rabon nan na "hannuna" da "ba hannuna ba" ƙofar shiga ilimin baki ɗaya shi ne Efiktetus, kuma ba mamaki. An haife shi wajen shekara ta 50 a Hiyerafolis, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, ya tashi bawa a birnin Rum a gidan Efafroditus, sakataren Sarki Nero, ga shi gurgu. Bayan ya sami 'yanci, Sarki Domishiyan ya kori masana falsafa daga Rum, sai Efiktetus ya koma Nikofolis a ƙasar Girka ya buɗe makaranta. Bai bar littafi da hannunsa ba. Ɗalibinsa Ariyan ne ya rubuta darussan, ya kuma tsamo ɗan ƙaramin littafi daga cikinsu, Enkiridiyon, wato abin riƙewa a hannu.

A layukan farko na ɗan littafin aka yi rabon, kuma ya fi tsauri fiye da yadda ake yawo da shi a yau. Abin da ke hannunka guda huɗu ne: hukuncin da ka yanke a kan abu, niyyar aikatawa, so, da ƙi. Abin da ba ya hannunka: jikinka, dukiyarka, sunanka a bakin mutane, da muƙami. A lura da jiki a jerin na biyu. Mutumin da aka taɓa mallakar jikinsa ya san cewa ana iya ɗaure ƙafa, cuta na iya kwantar da ita. A wurinsa abu bai zama naka ba sai in babu wani mahaluki da zai iya hana ka shi. Da wannan ma'auni, ko muryar mawaƙin nan ba tasa ba ce, domin mura na iya dusashe ta da safe. Nasa shi ne shirin da ya yi niyyar yi da kuma ma'anar da zai ba shirun jama'a idan ba su tafa ba.

Tun a zamanin da aka yi musu tambayar da kowa zai yi: to, sai mutum ya naɗe hannu ke nan? Amsarsu tana cikin misalin maharbi da Sisero, marubucin Rum, ya kawo a shekara ta 45 kafin Miladiyya. Maharbi zai gyara baka, ya zaɓi kibiya, ya auna iya ƙoƙarinsa. Da kibiya ta bar tsirkiya, iska na iya karkatar da ita. Samun abin da aka auna abu ne da ake zaɓa a nema, amma ba a rataya kwanciyar hankali a kansa. Efiktetus ya faɗi haka da tafiyar jirgin ruwa: zaɓen matuƙi da ma'aikata da ranar tashi naka ne, guguwa ba taka ba ce. Seneka kuwa, wani ɗan Stowa na Rum, yakan ce mai hankali ba ya cewa "zan yi tafiya" ya tsaya nan, sai ya ƙara da "in wani abu bai hana ba". Kunnen Bahaushe ba zai ji baƙon abu a nan ba, ko da yake tushen aƙidar daban ne.

Ɗan littafin ya yi yawo. Sufayen Kirista sun kwafe shi don tarbiyya, a wasu kwafe-kwafen har suka cire sunan masanin falsafa Sokiratis suka sa na Manzo Bulus. A Bagadaza, a ƙarni na 9, masanin falsafa al-Kindi ya rubuta risala kan dabarar kore baƙin ciki, inda ya faɗaɗa misalin fasinjojin jirgin ruwa da suka sauka a tsibiri suka shagala da tsince-tsince, misalin da ke cikin Enkiridiyon.

Shigar ɗan littafin ɗakin likita ta zo ne a ƙarni na 20, ta wata jimla a babi na 5: ba abubuwa ne ke damun mutane ba, hukuncin da suke yanke wa abubuwan ne. Albert Ellis, masanin halayyar ɗan Adam a birnin New York, ya gina hanyar jinyarsa a kanta daga 1955. Aaron Beck, wanda ya kafa jinyar gyaran tunani a shekarun 1960, shi ma ya danganta asalin hanyar ga 'yan Stowa. Da mawaƙin nan zai zo wurinsu, za a raba masa takarda gida uku. Abin da ya faru: an gayyace shi waƙa gaban taro. Abin da ya gaya wa kansa: dole kowa ya yaba, in ba haka ba na kaɗe. Sakamako: rashin barci da rawar murya. Gidan tsakiya ake tuhuma. Wa ya ce dole? In mutum goma sun fita ana tsakar waƙa, mene ne takamaimai zai same ka gobe? A hankali a sauya "dole" da "ina so", sannan a tura shi ya hau dandalin, domin gudun taro shi ke ciyar da tsoron.

Inda mutane ke tuntuɓe, a ganina, wuri biyu ne. Na farko, yawancin al'amuran rayuwa ba su faɗa gida ɗaya tsaf ba: jarrabawa, lafiya, ciniki, duk kana da hannu a ciki amma ba kai kaɗai ba. Mai kasala yakan tura su duka gidan "ba hannuna ba" ya huta, alamarsa kuwa ita ce shiri ya ragu. Maharbin Sisero bai daina aunawa ba. Na biyu ya fi cutarwa: mutum ya ɗauka cewa tunda tunani nasa ne, faɗuwar gaba ma laifinsa ce, sai ya shiga fargabar fargaba. Wanda bugun zuciya da rashin barci suka bi shi wata da watanni har suka hana shi aiki, likita yake bukata.

Su kansu 'yan Stowa ba su ce mutum na iya hana firgita ta farko ba. Aulus Geliyus, marubucin Rum na ƙarni na 2, ya ba da labarin tafiyar da ya yi a teku da wani malamin Stowa. Guguwa ta taso, jirgi ya fara shan ruwa, ya duba ya ga fuskar malamin ta koɗe. Da ƙura ta lafa ya tambaye shi dalili. Malamin ya zaro littafi na biyar na darussan Efiktetus daga jakarsa, ya nuna masa inda aka ce razana ta farko tana zuwa ba da izinin kowa ba, har ga mai hikima. Abin da ya rage masa shi ne ya amince da abin da razanar ke faɗa ko ya ƙi. Wannan littafi na biyar ya ɓace. Huɗu ne suka iso gare mu, kuma abin da Geliyus ya kwafo yana cikin ɗan abin da ya saura daga gare shi.