Fumfuna a silin da bango: nemo inda ruwan yake shigowa kafin ka sayi fenti

*Na shafe baƙin tabon da ke silin ɗina da fenti har sau biyu, amma yana dawowa. Mene ne sababi?*

Domin ruwan da yake ciyar da shi yana nan. Fumfuna abu ne mai rai, kuma kwana ɗaya zuwa biyu na danshi sun ishe ta kama kwalin silin ko katako. Fenti lulluɓe ta kawai yake yi.

Haka ta faru da ɗakin kawuna a wani ƙauye kusa da Ringim. Tabon zagaye ne, gefensa ruwan ƙasa, tsakiyarsa baƙi, kuma duk Agusta sai ya ƙara faɗi. Da tsakar rana muka ɗaga silin guda muka leƙa. Kwanon da ke daidai saman tabon lafiyarsa ƙalau. Can sama, kamar taku biyu, sai ga haske yana shigowa ta ramin kusa uku, ga kuma layin tsatsa a jikin katako. Ashe ruwan katakon yake bi ya gangaro kafin ya ɗiga. An kafa kusoshin ne a kwarin kwanon, inda ruwa yake gudu, maimakon kan tudunsa. Kafinta ya toshe ramukan da kwalta, ya kafa kusa mai hula da roba a kan tudu. Silin ɗin da ya kumbura kuwa cire shi muka yi, don wanda ya sha ruwa ya yi laushi ba ya wankuwa. Sai da aka yi ruwan sama biyu ba ɗigo sannan muka mayar da sabo.

In ɗakin soro ne, fara duba indararo. Ganye ko sheƙar tsuntsu kan toshe shi, ruwa ya kwanta a rufi ya bi tsaga zuwa azara. Azarar da ta yi baƙi, farce yana shigarta, a kira magini a ranar.

*Ni nawa a gindin bango yake, rufina kuma ba ya yoyo.*

Wannan daga ƙasa yake tasowa. Bango yana zuƙar ruwa kamar lagwani, kuma da wuya ya wuce mita 1. Za ka ga layi a kwance, fenti yana ɓarewa a ƙasansa. Masu zama kusa da fadama, kamar yankin Haɗejiya da Auyo, sun san shi sarai. Farin garin da ke fitowa a wurin sau da yawa gishirin ƙasa ne: murza shi a ruwa, in ya narke ba fumfuna ba ce.

Fita ka tsaya a bayan ɗakin lokacin da ake ruwa. Ina ruwan kwano yake zuba? Ina rariyar makewayi ta bi? Sau da yawa za ka tarar ƙasar waje ta taru har ta fi daɓen ɗaki tudu. Kwashe ta, daɓe ya fi ta da aƙalla santimita 15, ka gangarar da ƙasar nesa da gini, ka janye rariya. Mai sabon gini ya shimfiɗa leda mai kauri a kan harsashi kafin ya ɗora bulo.

Abin da yake ci mini rai shi ne lafta siminti a jiƙaƙƙen bangon ƙasa. Danshin ba ya samun mafita, sai ya haura sama, ƙasar ciki ta yi laushi, wata rana filastar ta zubo gaba ɗaya. Yaɓen ƙasa ko makuba ya fi dacewa da shi, musamman bangon gabas da hadari yake duka.

*Bayan durowa da ƙarƙashin katifa fa?*

Nan iska ce ba ta ratsawa. Manna leda mai faɗin tafin hannu biyu a bangon, ka liƙe gefunanta, ka bar ta kwana biyu. In raɓa ta taru tsakaninta da bango, ruwan daga ginin yake. In ta ɓangaren ɗaki ta taru, laimar ɗakin ce: shanya a ciki, randa mai tsatsafa a kusurwa, taga a rufe. Ja kaya baya kamar tafin hannu, ɗaga katifa daga daɓe, buɗe taga da ƙofa in rana ta fito.

*Da me zan wanke?*

A kan siminti, ruwa da sabulu da buroshi, sannan bilic ludayi 1 a ruwa ludayi 10. Ka sa safar hannu, ka rufe hanci, ka buɗe taga, yara da mai asma su fita. Kada ka gauraya bilic da ruwan wanke masai, hayaƙinsu guba ne. Bangon ƙasa kuwa jiƙa wurin kaɗan don kada ƙura ta tashi, ka kankare, ka sake yaɓe. Fenti ya jira hunturu, lokacin da bangon ya bushe har ciki.