Me zan rubuta a ƙarƙashin bidiyon barkwancina na daƙiƙa 30? Tambayoyi da amsoshi

"Na haɗa ɗan barkwanci na daƙiƙa 30, amma duk lokacin da na zo ɗorawa sai in rasa abin da zan rubuta a ƙasa. Ya ake yi?"

Ƙanena, bari mu ɗauki wasa guda mu bi shi daki-daki, zai fi saurin zama maka a kai. Mai bin bashi ya yi sallama a ƙofar gida. Maigida ya leƙo ta taga, ya gan shi, ya koma da sanɗa ya ɓuya bayan ƙyaure, ya raɗa wa ɗansa Abba: "Je ka ce ba na nan." Abba ya fita a daƙiƙa ta 18, ya gaida baƙo da ladabi, sannan a ta 24 ya ce: "Baba ya ce in ce maka ba ya nan." Sauran daƙiƙa shida kyamara tana kan fuskar maigida.

Duk dariyar wannan wasa tana cikin jimla ɗaya, wadda ta faɗo a daƙiƙa ta 24. Aikin kafshan, wato rubutun da ke ƙarƙashin bidiyo, shi ne ya riƙe mai kallo har ya kai wurin, ba tare da ya faɗa masa abin da zai tarar ba. Abin da na fi gani ana rubutawa kuwa shi ne irin wannan: "Kalli yadda yaro ya tona asirin babansa, wai Baba ya ce ba ya nan." Wanda ya karanta haka ya riga ya ji ƙarshen labari tun a daƙiƙa ta biyu, sai ya yi murmushi ya ja yatsa sama. Ka yi wahalar ɗauka da tacewa, rubutunka da kanka ya kore shi.

Ni ga abin da zan sa:

Na aiki Abba ya sallami mai bin bashi. Kuskurena ke nan.

Kalma 11 ce kacal. Ta gabatar da mutum uku, ta nuna akwai matsala, ta yi alkawarin cewa abu zai ɓaci, amma ba ta ce yadda zai ɓaci ba. Kuma da bakin maigida aka rubuta ta, kamar shi ne ya dawo yana ba da labari cikin nadama. Wannan dabara ta rubutawa da muryar ɗaya daga cikin 'yan wasan tana ƙara wa barkwancin wata dariya, domin bayan an gama kallo, idan ido ya koma kan "Kuskurena ke nan", sai ma'anarta ta cika. Kafin ka ɗora, ka rufe bidiyon ka karanta wa wani abokinka rubutun kaɗai. Idan ya iya faɗa maka ƙarshen wasan, ka goge ka sake. Idan ya ce "To me ya faru?", ka dace.

"Tsawon nawa ya kamata? Na ga suna ba da fili da yawa."

Filin yana da yawa, gaskiya ne. Instagram na karɓar harafi 2,200, TikTok ma ya daɗe da wuce ɗan taƙaitaccen filin da ya fara da shi. Amma a fuskar waya layi ɗaya ko biyu ne ke fitowa, sauran sai an danna `more`, kuma wanda ke kallon wasan daƙiƙa 30 da wuya ya danna. A YouTube Shorts abin da ke fitowa shi ne taken bidiyo, wanda iyakarsa harafi 100. Saboda haka jimlar da kake ji da ita ta zo a farko, hashtak su biyo baya. Kada ka buɗe da sallama da godiya ga mabiya, ko da "Sabon bidiyo ya fito". Ladabi ne mai kyau, amma ya cinye layin da kowa zai gani. Ka ajiye godiyar ka sa ta a kwament na farko.

"Idan na riga na yi rubutu a jikin bidiyon fa, sai in maimaita shi a ƙasa?"

A'a, kowanne da aikinsa. Rubutun jikin bidiyo na shimfiɗa fage ne ga wanda ke kallo babu sauti, a aji ko a cikin A Daidaita Sahu: "Mai bin bashi ya zo." Kafshan kuma ya ƙara abin da bai fito a hoto ba, wato nadamar maigida. Ka kuma lura da wurin da kake ajiye rubutun. Bidiyon tsaye ne, 1080 a faɗi, 1920 a tsawo, amma ƙasansa sunanka da kafshan ne ke rufewa, gefen dama kuma maɓallan so da sharhi da turawa. Na taɓa sa maganar Abba irin wannan can ƙasa a wani wasa nawa, na ɗora, sai na ga rabin jimlar ta shige ƙarƙashin sunana. Tun daga ranar nake ɗago rubutu zuwa tsakiya ko sama kaɗan.

"Hashtak nawa zan sa, kuma waɗanne? Abokina ya ce in cika #fyp da #viral."

Uku zuwa biyar sun isa. Shafin Instagram na masu ƙirƙira ya ba da wannan shawara tun 2021, lokacin da ake iya sa har 30. YouTube kuma ya faɗa a ƙa'idarsa cewa idan hashtak suka wuce 60 a bidiyo ɗaya, zai yi watsi da su duka.

Abin da ya kamata ka gane shi ne hashtak lakabi ne. Yana taimaka wa manhaja ta san wane irin bidiyo ne wannan, da su wa ya dace ta fara gwada shi a kansu, yana kuma taimaka wa mai bincike ya same ka. #fyp ba ya faɗin komai game da wasanka, domin mai girki a Indonesiya da mai rawa a Brazil duk sun sa shi. Barkwancinka kuwa da Hausa yake, kuma dariyar tana cikin magana. Wanda ba ya jin Hausa idan ya ci karo da shi zai wuce a daƙiƙa biyu, kuma yawan wucewa da wuri alama ce mara kyau ga bidiyo, tunda TikTok da kansa ya ce kallon bidiyo har ƙarshe na daga cikin alamomin da yake ba nauyi sosai.

Ga wasan Abba zan zaɓa haka: ɗaya na harshe da jama'a, ɗaya na nau'in wasa, ɗaya na abin da ake magana a kai, ɗaya naka na kanka.

```
Na aiki Abba ya sallami mai bin bashi. Kuskurena ke nan.
#hausatiktok #barkwanci #bashi #AbbaDaBaba
```

Na ƙarshen nan na fi so ka riƙe. Idan Abba da babansa za su dawo a wasa na biyu da na goma, wannan hashtak ɗin zai tara su wuri ɗaya, wanda ya ji daɗin na yau ya danna ya kalli na baya. Amma ka fara bincika sunan, ka tabbata wani bai riga ka ba. Haka kowane hashtak da za ka ara, ka danna shi ka kalli bidiyo goma na farko. Idan ba irin naka ba ne, ko kuwa abin da ba za ka so a gan ka kusa da shi ba ne, ka bar shi. #kannywood yana da jama'a, sai dai yawancinsu labarin jarumai da fina-finai suke nema, ba lallai su tsaya wa wasan da aka ɗauka a zaure ba. Idan a Reels na Instagram za ka ɗora, ka cire #hausatiktok ka sa #hausa ko #arewa.

"Na rubuta hashtak da Hausa amma rabinsa ne ya yi aiki. Me ya jawo?"

Wannan matsala tamu ce ta masu rubuta Hausa, kuma dalilinta biyu. Hashtak yana yankewa a duk inda ya haɗu da tazara ko alamar rubutu. Ka rubuta `#ban dariya`, abin da manhaja za ta ɗauka shi ne `#ban`, wanda a Turanci ma'anarsa haramtawa. Sai ka haɗe: `#bandariya`. Haka waƙafin sama da muke sa wa 'yan da 'ya'ya yake yi: `#'yanarewa` ba zai kama ba, `#wa'azi` zai tsaya a `#wa`. A hashtak sai ka cire shi.

Na biyu shi ne haruffa masu lanƙwasa. A wurin na'ura ƙ da k haruffa ne daban, haka ɗ da d, da ɓ da b, kuma yawancin mutane ba sa canza kibod kafin su yi bincike. To ga yadda nake raba su: a cikin jimlar kafshan ina rubuta Hausa daidai, da ƙ da ɗ da ɓ, domin harshenmu ya cancanci haka kuma ma'ana tana iya canzawa, a hashtak kuma ina bin yadda jama'a ke bugawa. Manya da ƙananan haruffa ba sa raba hashtak, don haka #AbbaDaBaba da #abbadababa wuri ɗaya suke kai ka, na farkon dai ya fi sauƙin karantawa.

"Zan iya sa sunan wani sananne a hashtak don in samu masu kallo?"

Kada ka yi, musamman a wasan bashi, inda sunan zai zama kamar kana cewa shi ne ke ɓuya. Rubutun da ke ƙasa yana iya mayar da wasa ya zama zargi. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok hukuncin bulala 20 kowannensu da tara, bisa ɓata sunan gwamnan jihar na lokacin. Ka bar 'yan wasanka da sunayen da ka ƙirƙira musu.

"Ta yaya zan san kafshan ne ya kashe bidiyon, ba wasan ba?"

Ka ba shi kwana ɗaya ko biyu, sannan ka buɗe `Analytics` ka duba layin da ke nuna inda mutane suke barin kallo. Idan ya faɗi warwas a daƙiƙa biyu ko uku na farko, ka fara zargin buɗewar wasan: wataƙila mai bin bashi ya daɗe yana tafiya kafin ya yi sallama. Idan mutane suna zarewa a tsakiya, kafin Abba ya buɗe baki, kuma rubutunka ya riga ya faɗi ƙarshe, to ga mai laifi nan. Idan kuwa layin ya riƙe har daƙiƙa ta 24 sannan ya sauka, kafshan ya yi aikinsa, wutsiyar daƙiƙa shida ce ta yi tsawo, sai ka rage ta zuwa uku a wasa na gaba.

Kwament ma suna faɗa maka. Idan mutane suna maimaita "Baba ya ce in ce maka ba ya nan" suna kiran 'yan'uwansu su zo su gani, dariyar ta sauka inda ka nufa. Kuma idan za ka gwada sabon salo, ka canza abu ɗaya a lokaci guda, kafshan a wannan mako, hashtak a mako mai zuwa, domin idan ka canza duka tare ba za ka san wanne ya yi tasiri ba.