Jari, kuɗin shiga, riba ko asusu: wanne za a rubuta?

Ina rubuta labarin wani kamfani, kalmar "kuɗi" ta fito sau goma sha biyu a shafi ɗaya. Zan iya musanya ta da jari, kuɗin shiga ko riba don kada mai karatu ya gundura?

Kada ka musanya don ado. Kowace daga cikin kalmomin nan tana ɗauke da labarin inda kuɗin ya fito, ko abin da aka tanade shi dominsa, kuma idan ka sa wata a gurbin wata ka canja labarin ke nan. Gara "kuɗi" ta fito sau goma sha biyu da ka kira bashi riba sau ɗaya.

Ɗauki kamfanin da ke yin takalma. Masu shi sun zuba miliyan 40, banki ya ba su rancen miliyan 20. A shekarar farko sun sayar da takalma na miliyan 90, sun kashe miliyan 78 wajen fata, albashi, wuta, haya da kuɗin ruwan banki. Miliyan 40 ɗin nan shi ne jarin masu kamfani. Miliyan 90 kuɗin shiga ne, ko ka ce cinikin shekara. Abin da ya rage bayan an cire 78 daga 90, wato miliyan 12, shi ne riba kafin haraji. In haraji ya ci miliyan 3, tsantsar riba miliyan 9 ce. Wanda ya rubuta cewa kamfanin "ya ci ribar miliyan 90" ya ninka gaskiya sau goma, kuma wannan kuskuren ne na fi yawan gani.

To ai rancen ma shigowa ya yi. Me ya hana shi zama kuɗin shiga?

Sunan ne ke yaudara. Kuɗin shiga shi ne abin da kamfani ya samu ta hanyar sana'arsa, ya ba da kaya ko aiki aka biya shi. Rance kuwa baƙo ne, zai koma gidansu har da kuɗin ruwa. Haka jarin da masu kamfani suka zuba: ya shigo, amma ba ciniki ne ya kawo shi ba. Saboda haka ba a haɗa 40 da 20 da 90 a ce kamfani ya samu miliyan 150.

Akwai wata gaɓa da ke ruɗa sababbin marubuta. A ce cikin miliyan 90 ɗin, takalma na miliyan 15 bashi aka ɗauka, ba a biya ba tukuna. A lissafin akanta duk da haka kuɗin shiga miliyan 90 ne, domin an riga an miƙa kayan, sai dai abin da ya zo hannu miliyan 75 ne. Shi ya sa za ka ga kamfani yana da riba a takarda, ga shi kuma ya kasa biyan albashi. In abin da ke hannu kake nufi, rubuta "tsabar kuɗi".

A gwamnati ma haka take. Haraji da kuɗin kwastam kuɗin shiga ne, rancen da aka ciyo don cike giɓin kasafi ba ya cikinsu.

Na ji ana cewa albashi ma kuɗin shiga ne. Kalma ɗaya ga kamfani da ma'aikaci?

E, kuma nan ne ake zamewa. Ga mutum, kuɗin shiga na nufin albashinsa, kuɗin hayar gidansa ko abin da sana'a ta bar masa. Ga kamfani kuwa, wani marubucin na nufin duk cinikin, wani na nufin abin da ya saura bayan kashe-kashe. Maganin shi ne ƙarin kalma ɗaya ko biyu: "jimillar kuɗin shiga" in 90 kake nufi, "riba bayan haraji" in 9 ce. Idan rahoton da kake ɗebo labari daga ciki bai fayyace ba, duba jadawalin riba da asara. Ciniki yana layin farko, tsantsar riba tana can ƙasa.

Asusu fa?

Kuɗin da aka keɓe ne don wani aiki takamaimai, kamar asusun fansho, ko hukumar da ke riƙe da irinsa, kamar Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Kalmar ba ta faɗin inda kuɗin ya fito. In kamfanin takalman ya ware miliyan 5 daga ribarsa don sayen sababbin injuna, ka ce "kuɗin da aka ware", ko "asusun sayen injuna" in har an buɗe masa na kansa. Ka kula kuma, da wannan kalmar ake kiran asusun ajiya na banki, don haka ka bayyana wanne kake nufi tun a ambaton farko.